Sun turo "Slm" sun yi shiru: ya zan yi da su?

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma yawancin masu kawo min ɗinki ta WhatsApp suke nemana. Abin da ya ishe ni shi ne masu turo "Slm" ko "Hajiya" ko "Nawa?" su yi shiru. In na amsa sai a shiga ya gida, ya yara, ya aiki, ina kan keke ina ta ajiye ɗinki ina ɗaukar waya, a ƙarshe wata ma ba ta faɗin abin da ya kawo ta. In na ƙyale kuma a ce ina da girman kai. Kwanan baya wata baƙuwar lamba ta turo "Sannu", na ce "Me ake buƙata?", ashe gwaggon maigidana ce ta canja layi, har yau tana fushi da ni. Ga sallah ta matso. Ya zan yi?

Ƙanwarki, tela daga Jekadafari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Mu fara da Gwaggo, don maganarta ba ta jiran sallah. Kada ki nemi gyara wannan ta waya, ko da kira ne. Ki samu wata yamma ki rufe shago da wuri, ki je har ɗakinta da ɗan abin hannu, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce ba ki gane lambar ba ne, ta yafe miki. Kada ki tsaya yi mata lissafin yawan saƙonnin da ke shigo miki a rana. Ita ba wannan ya dame ta ba, kuma dogon bayani a gaban babba kare kai yake zama. A gabanta ki ajiye sabuwar lambar, ta ga kin rubuta "Gwaggo". Shi ke nan.

Abin da ya sa kalmar ta yi mata zafi shi ne ya kamata ki riƙe, don zai sake faruwa da wasu. Da a shago ne wata ta leƙo, kika ɗago kai da fara'a kika ce "me ake buƙata?", ba wanda zai ji komai. Labarin zuciya a tambayi fuska, rubutu kuwa ba shi da fuska. Mai karantawa ita ke saka masa murya, kuma sau da yawa muryar da take tsoro ita take sakawa. Shi ya sa duk gajeriyar amsa a waya ta fi yadda kika nufa kaifi: "Eh?", "Ina ji", "Waye?", "Lafiya?". Ki cire su daga bakinki gaba ɗaya in dai ba da ƙawarki ta kusa kike magana ba.

Su ma masu turo gaisuwar ba laifi suka yi ba. Mu mutane ne da ba ma shiga gida sai an amsa mana sallama, kuma ba wanda ke tsayawa a ƙofar zaure yana zayyana buƙatarsa tun ba a ce masa bismillah ba. Wannan tarbiyyar suka kawo cikin waya. Inda abin ya lalace shi ne, a ƙofar gida sallama da amsa da magana duk cikin minti ɗaya suke ƙarewa, a waya kuwa tsakanin kowace jimla da mai bi mata ana iya yin awa biyu. Ta ce "Slm" da hantsi, kika amsa da azahar. Ta ce "ya aiki" da la'asar, kika ce "alhamdu lillah" da magariba. Yini ya tafi, ba a ambaci atamfa ba, ba a ambaci ranar karɓa ba.

Ba na ba ki shawarar ƙyale su. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce in an gaishe mu, mu amsa da wadda ta fi ta kyau ko mu mayar da irinta, kuma ko don kasuwa, wadda aka yi banza da sallamarta tela na gaba za ta nema. Amma amsa sallama daban, zaman gadin waya daban. Hakkin da ke kanki shi ne na farkon. Abin da za ki yi shi ne ki haɗa dukan gaisuwar da za a yi ta jan ta har yamma ki zuba ta a saƙo ɗaya, ki buɗe wa mutum ƙofar magana a cikinsa, ki faɗi lokacin da za ki sake dubawa, sannan ki kife wayar ki koma kan keke.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Saura kwana 12 sallah, ƙarfe 10 na safe, lambar da ba ki da ita ta turo "Slm". Kafin ki taɓa rubutu, ki ba ta daƙiƙa kaɗan na dubawa. Lambar da +234 ta fara, wato ta Najeriya ce, ko kuwa wata ƙasa ce da ba ki da kowa a can? In +237 ce ta Kamaru, ko +235 ta Chadi, ko +227 ta Nijar, mutumin Gombe ba zai yi mamaki ba, muna da dangi da abokan ciniki a can. Ki taɓa saman hirar ki ga hoto, da sunan da mai lambar ya saka wa kansa, da ko kuna tare a wani zaure, kamar na Islamiyya ko na bikin wata 'yar'uwa. Wannan ɗan duban shi ne da ya nuna miki Gwaggo tun farko, in ma bai nuna ba, amsar da za ki tura yanzu ba za ta ɓata wa kowa rai ba:

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da hantsi, ya gida ya iyali? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillah. A gafarce ni, ban da wannan lambar a wayata, da wa nake magana? In maganar ɗinki ce, a turo min hoton samfurin da ranar da ake so, ko a yi min saƙon murya. Ina kan aiki yanzu, zan duba bayan azahar in sha Allah."

Ki lura da abin da wannan saƙon ya yi. Kin tambayi gida da iyali, kuma kin ba da amsar "ya kuke" tun ba a tambaye ki ba, don haka zagayen gaisuwa ya rufe ba tare da kin katse kowa ba. Kin yi amfani da "a turo", "a gafarce ni", wanda ya dace da babba da yaro, mace da namiji, tunda ba ki san waye ba. Kin ɗora laifin rashin ganewa a kan wayarki, ba ki tuhumi mai saƙon ba. Kalmar "in maganar ɗinki ce" kuma ta bar wuri ga wanda zumunci kawai ya kawo shi. Sannan kin faɗi ainihin abin da kike son a turo, hoto da rana. Wannan ya fi "me ake buƙata" aiki nesa ba kusa ba, domin mutane da yawa ba su san ta inda za su fara ba sai an nuna musu.

Maganar saƙon murya kada ki raina ta. Cikin masu turo kalma ɗaya akwai waɗanda iyakar abin da za su iya rubutawa ke nan. Wata karatun allo ta yi, boko bai zauna mata ba. Wata Fulatanci ne a bakinta, tana jin Hausa sarai amma rubuta ta wahala ne. Wata ɗanta ne ya rubuta mata "Slm" ya miƙa mata wayar ya fita. Irin waɗannan ko kin tura musu rubutu mai kyau ba za su karanta ba. Alamarsu ita ce, za ki ga layuka biyun da ke gefen saƙonki sun zama shuɗaye, an buɗe saƙon, amma shiru, ko a sake turo "Slm" ɗin dai. In kin ga haka, ki danna ki faɗi wannan maganar da bakinki cikin daƙiƙa 15. Sau da yawa nan take za ki ji murya ta dawo da cikakken bayani, har da wanda ba ki tambaya ba.

To bayan azahar kin duba. In an turo hoto da rana, ciniki ya fara. In kuma shiru ne, ki kalli alamar da ke gefen saƙonki kafin ki yanke hukunci. Layi ɗaya mai ruwan toka yana nufin saƙon ya bar wayarki amma bai isa tata ba: datarta ta ƙare, ko caji, ko tana wani ƙauye bayan Dukku inda sabis sai an hau tudu. Layi biyu masu ruwan toka, ya isa wayar, ba a buɗe ba, ko kuma ta kashe alamar karantawa, don ana iya kashe ta. A duk waɗannan ba abin da ya rage a kanki. Kada ki bi da "Hello", kada ki bi da alamar tambaya, kada ki kira. Kin amsa, kin buɗe ƙofa. Mai buƙata za ta dawo.

Akwai kuma wadda za ta dawo da wata gaisuwar, "Ya aiki?", gobe kuma "Ina kwana", jibi "Kwana biyu", ba ta taɓa shiga magana ba. In wadda kika sani ce, wannan mafi yawa nauyin baki ne. Akwai abin da take son faɗa yana mata wuya: rance, ko ragi, ko a ɗinka wa yara kayan sallah a biya daga baya, ko kuma cikon kuɗinki da ke hannunta take jin kunyarsa, tana gwada ko kina fushi. Nan ba rubutu ake ƙarawa ba. Ki ce mata, "Maman yara, na ga kamar akwai magana. Ki faɗa min kawai ba komai, in zan iya zan yi, in ba zan iya ba zan gaya miki." Jimlar ƙarshen nan ita ce mai muhimmanci, don ta sauke mata nauyi, ke ma ta bar miki hanyar cewa a'a. Ni a ganina gara a ji roƙon a rana ta biyu a amsa shi, da a kwashe mako ana gaisuwar da kowa ya san akwai abu a ƙarƙashinta.

Manya kuwa hukuncinsu daban ne. In surukarki, ko yayar mahaifiyarki, ko malamar Islamiyyarku ta turo "Sannu", amsarta kira ne. In hannunki na cikin aiki, ki rubuta cikakkiyar gaisuwa ki ƙara da "zan kira Mama da na idar da sallar la'asar", kuma ki kira ɗin. Ba a tambayar babba me yake so. In da aike, da kanta za ta faɗa bayan an gaisa. In babu, to gaisuwar ce buƙatar, ta tuna da ke ne, kuma minti uku sun wadatar. Haka masu turo hoton barka da Juma'a: "Amin, na gode, Allah ya maimaita mana" ya ishe su, kada ki zauna jiran wata magana a bayansa.

Sai masu "Nawa?" da "Akwai?". Waɗannan sun fi sauƙi, don an san ciniki ne ya kawo su, abin da ya ɓace shi ne wane kaya. In a kan hoton da kika saka a `Status` aka amsa, hoton zai fito a saman saƙon. In bai fito ba, to ta gani ne ta fita ta zo ta rubuto miki daban, kuma `Status` awa 24 yake yi ya ɓace, wataƙila ma na jiya take nufi. Kuskuren da ake yi biyu ne. Wata za ta ce "Nawa me?", wanda ke fita kamar faɗa. Wata kuma za ta yi hasashe ta faɗi kuɗin abin da ta zata, daga baya a zo ana "ai ke kika ce dubu 8", alhali kuɗin riga da zani ta faɗa, ita kuwa mai tambaya doguwar riga mai aikin duwatsu take nufi. Ki taƙaita mata zaɓi: "Sannu da yini Hajiya. Jiya na saka guda biyu, riga da zani na atamfa da doguwar riga ta leshi mai duwatsu. Wacce daga ciki?" In kuɗinsu tsayayye ne, ki saka kuɗin kowacce a gefenta, kin rage zagaye ɗaya. Tambayar da ake amsawa da kalma ɗaya ita ta dace da mai rubuta kalma ɗaya.

Tunda saƙon farkon nan kusan iri ɗaya ne kullum, ba sai kin riƙa rubuta shi ba. In kin sauke WhatsApp Business, wanda kyauta ne, akwai `Quick replies` a cikin `Business tools`. Ki ajiye saƙon sau ɗaya ki ba shi gajeren suna, duk sanda kika rubuta `/` a wurin rubutu zai fito ki zaɓa. Akwai kuma `Greeting message`, wanda ke tafiya da kansa ga wanda ya fara rubuto miki, ko wanda ya dawo bayan kwana 14 ba ku yi magana ba. Amma ki yi hattara da wannan na biyun. In kin bar shi a kan kowa da kowa, ranar da ƙanin mahaifinki ya turo miki labarin rasuwa, abin da zai fara samu shi ne "a turo hoton samfuri". A wurin zaɓen masu karɓa ki saka shi ga waɗanda ba sa cikin lambobin wayarki kawai. Ko hakan bai rufe ƙofa duka ba, tunda ɗan'uwa na iya canja layi, shi ya sa nake son rubutun ya fara da cikakkiyar sallama ya kuma ƙunshi "in maganar ɗinki ce". Abin da ya fi duka, in da hali, layin shago daban, na gida daban. Manhajojin biyu suna zama a waya ɗaya, kowacce da lambarta.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Ba duk "Slm" ce ta Allah da Annabi ba. 'Yan damfara ma da gaisuwa suke farawa, don su ga ko akwai mutum a kan layin, kuma su ga irin saurin amsarsa. Amsa gaisuwar kanta ba ta buɗe musu wayarki, kada wannan ya hana ki barci. Abin da ke biyo baya shi ne abin dubawa. Za a ce an saka ki a wani taro na ƙungiya ko tallafin masu sana'a, an turo miki wasu lambobi 6 ta saƙon waya, ki karanto su. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin WhatsApp ɗinki. Wanda ya same su zai buɗe asusunki a wayarsa, ke a fitar da ke, ya bi masu ɗinkinki ɗaya bayan ɗaya da sunanki da hotonki yana cewa a turo kuɗin kaya. Ba wanda ke da dalilin neman su, ko da ya ce daga kamfanin yake. Haka lambar sirrin katin banki, da lambar da banki ke turowa lokacin cire kuɗi, da duk wani mahaɗi ko manhaja da baƙo ya ce ki danna ko ki sauke.

Wani lokaci ma gaisuwar daga lambar da kika sani za ta zo, don an riga an ƙwace ta. Za ki gane daga salon: ƙawarki da kullum take ce miki "Maman Abba" da murya, yau ta rubuto "Slm" a bushe, kina amsawa sai ga "ina cikin matsala, tura min dubu 20 a wannan asusun, zan mayar da yamma", sunan asusun kuma ba nata ba. Ki fita daga WhatsApp ki kira ta ta layin waya ki ji muryarta. In an ce ba za a iya ɗauka ba, ana asibiti ko ana taro, to ki riƙe kuɗinki har sai kin ji ta. Yau ɗin nan kuma, kafin ki kwanta, ki shiga `Settings`, sai `Account`, sai `Two-step verification`, ki saka lambar sirri taki mai guda 6 wadda ba ranar haihuwarki ba ce. Da ita, ko an yaudare ki kin karanto waɗancan lambobin da aka turo ta saƙo, ɓarawon zai tarar da ƙofa ta biyu.

Na san kuma akwai nau'in da ba ki ambata ba, don duk macen da ta saka lambarta a allon shago ta san shi: namijin da ke turo "Slm" ƙarfe 11 na dare, ba shi da yadi ba shi da mata mai ɗinki. Kada ki amsa da daren. Da safe ki tura masa saƙon nan naki na kowa da kowa, don ta yiwu da gaske kayan sallar iyalinsa yake son kawowa, rana ce ba ta ba shi sarari ba. In ya dawo da maganar ɗinki, madalla. In ya dawo da "ya kike", "kin yi shiru", "ina son mu saba", kin riga kin sauke hakkin sallama tun a saƙon farko, ba sai kin yi masa wa'azi ko zagi ba, don duk amsa ƙarfafa masa gwiwa take. Ki danna `Block`. In ya turo abin banza ki haɗa da `Report`, wanda ke aika wa kamfanin saƙonninsa 5 na ƙarshe. In ya canja lamba ya dawo, ki ɗauki hoton hirar ki nuna wa maigida tun da wuri, ya ji daga bakinki.

Ga kwanakin nan na sallah, ki tsayar wa kanki lokutan duba waya, misali bayan azahar, bayan la'asar da bayan isha'i, ki kashe ƙarar saƙo a tsakani, ki bar ta kira a kunne saboda gida. Ki rubuta lokutan a `Status` tare da ranar da za ki rufe karɓar ɗinki, ki ƙara da cewa mai son a yi mata sauri ta haɗo sallama da hoton samfuri da ranar karɓa a saƙo ɗaya. Ki sake saka shi kowace safiya har ranar rufewar.